Yadda za ka mayar da rubutun manya ya dace da 'yan sakandare ba tare da ka raina su ko ka kwaikwayi bakinsu ba

Wata rana shugabar makarantar da nake koyarwa ta miƙo mini wata takarda da aka rabo a asibiti, ta ce in gyara ta yadda ɗalibanmu na manyan azuzuwa za su karanta, saboda ranar 19 ga Yuni ta kusa, wato ranar da duniya ta ware domin cutar sikila. Takardar an rubuta ta ne domin masu shirin aure. Waɗanda za su karanta tawa kuwa 'yan shekara sha biyar zuwa sha takwas ne, maza da mata. Da wannan takarda zan bi da kai mataki-mataki, domin a kanta na fi ganin inda marubuci ke zamewa.

Ga sakin layin da ya fi muhimmanci a cikinta, kamar yadda irin waɗannan takardu suka saba zuwa:

"Ana shawartar dukkan masu niyyar aure da su gabatar da kansu a cibiyar lafiya da hukuma ta amince da ita domin tantance nau'in ƙwayar halittar jininsu kafin a kai ga sa rana, kasancewar haɗuwar ma'aurata masu ɗauke da nau'in AS na iya haifar da samun zuri'a mai fama da cutar amosanin jini da kashi 25 cikin ɗari a kowane juna biyu, lamarin da kan jefa iyali cikin ɗawainiyar jinya da matsin tattalin arziki, a wasu lokutan ma ya kai ga mutuwar aure."

Jimla ɗaya ce, kalmominta sun haura tamanin. Amma tsawonta ba shi ne babbar matsalar ba. Matsalar ita ce tana magana da mutumin da ya riga ya je gaisuwar surukai, wanda ya san kuɗin gadon asibiti, wanda kalmar "mutuwar aure" take sa gabansa ya faɗi. Yarinyar da ke aji biyu na babbar sakandare ba ƙarancin hankali ne ya raba ta da wannan mutum ba. Tana warware lissafin da shi ya daɗe da mantawa. Abin da ya raba su shi ne inda kowannensu yake tsaye a rayuwa. Wannan tazarar ce aikinka, kuma ita kaɗai za ka taɓa.

Mataki na farko: ware abin da ba zai canza ba

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin kowace gaskiya da ke cikin rubutun asali, sannan ka kwafe su a wata takarda daban cikin gajerun jimloli. A tawa na samu huɗu: akwai gwajin da ke nuna nau'in jinin da mutum ya gada, a wurin da aka amince da shi ake yin sa, idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin ɗari ya zo da SS, kuma gara a sani tun kafin magana ta yi nisa.

Wannan takardar ita ce ma'auninka har ƙarshe. Duk sigar da ka rubuta, ka dawo ka duba ko huɗun nan suna ciki. Dalili kuwa shi ne raini yakan fara ne daga yanke bayani tun kafin a zo maganar salon murya. Marubuci yakan ce a ransa, "wannan lissafin ya fi ƙarfinsu", sai ya goge kashi 25 ɗin ya rubuta "yana da haɗari". Da ya yi haka ya riga ya yanke hukunci cewa mai karatunsa bai isa a gaya masa dalili ba, sai dai a ba shi umarni. Matashi yana jin ƙanshin wannan tun daga layin farko, ko da bai iya faɗa maka abin da ya dame shi ba.

Mataki na biyu: san wanda ke zaune a ajin

Abubuwa uku nake tambayar kaina. Me suka riga suka sani? Me suke da ikon yi da kansu? Wa ke cikinsu da maganar ta shafa kai-tsaye?

Na farko, kada ka yi hasashe. Ni ƙananan takardu na raba wa aji guda, na ce kowa ya rubuta tambaya ɗaya game da sikila, kada ya sa suna. Tambayoyin da suka dawo sun sha bamban da abin da takardar asibitin ke amsawa. Wani ya ce shi O ne, shin ya tsira? Wata ta ce ana ɗaukar cutar idan an ci abinci a kwano ɗaya? Wani ya tambaya ko AS na iya komawa SS idan mutum ya girma. Ba wanda ya tambayi kuɗin jinya, ba wanda ya ambaci sa rana. Wannan minti goma da na kashe ya tsara mini rubutun gaba ɗaya, domin ya nuna mini cewa sun rikita rukunin jini, wato A da B da AB da O, da jinotayif, wato AA da AS da SS. Takardar manya ba ta taɓa wannan ba sam.

Na biyu, abin da suke da ikon yi. "Ku gabatar da kanku a cibiyar lafiya" umarni ne ga mai kuɗi a aljihu da ikon fita. Yarinya 'yar sha shida ba za ta saka hijabi ta nufi asibiti ita kaɗai ba, kuma bai dace rubutunka ya tura ta ba. Abin da take iya yi shi ne ta tambayi mahaifiyarta ko an taɓa yi mata gwajin, ko ta nemi a yi mata idan an je asibiti da wata lalura. Idan ka ba matashi umarnin da ba shi da ikon cikawa, ka nuna masa cewa ba shi ka gani ba lokacin da kake rubutun.

Na uku shi ne wanda na fi so ka riƙe. A makarantarmu akwai ɗaliban da suke SS, kowa ya san su saboda yawan fashin da ciwo ke sa su yi. Akwai kuma waɗanda ƙannensu ko yayyensu ke fama. Ka sake karanta ƙarshen jimlar asali da idon irin wannan ɗalibi: zuri'ar da kan jefa iyali cikin ɗawainiya da matsi, har ta kai ga mutuwar aure. Shi ake nufi. Za a raba takarda a gaban abokansa tana cewa shi ne nauyin gidansu. Wannan yankin na cire shi ɗungurungum, kuma bai saɓa wa mataki na farko ba, domin ba ya cikin gaskiya huɗun da na ware. Hujja ce da aka kawo don a tsorata ango. Ga wannan aji, wahalar ciwon kanta ta isa hujja, kuma ana iya faɗar ta ba tare da an mayar da mai ciwon abin zargi ba.

Mataki na uku: canza ƙofar shiga

Rubutun manya yakan fara da umarni ko da sunan hukuma, saboda babba ya riga ya san me ya sa maganar ta shafe shi. Matashi kuwa sai ka nuna masa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki tambayar da ta fi yawa a cikin waɗanda suka rubuto, ka buɗe da ita. Ni da rikicin O da AA na fara, aure kuma na tura shi can ƙasa. Ba ɓoye shi na yi ba. A Jihar Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayif, kuma ɗalibai da yawa sun ji maganar a gida lokacin bikin yayyensu. Amma idan kalmar farko a takardar ita ce aure, rabin ajin zai fashe da dariya, rabi ya sunkuyar da kai, ba wanda zai kai layi na uku.

Mataki na huɗu: cike gurbin da babba ya tsallake

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, domin suna zaton rubutun matasa dole ya fi na manya gajarta. Jimlolin ne za su gajarta. Rubutun kansa sau da yawa ƙaruwa yake yi, saboda kana mayar da matakalar da marubucin farko ya tsallake.

Fara da jimlolin. Irin Hausar takardun ofis tana da alamomin da za ka gane ta da su: "kasancewar", "lamarin da", "a yayin da", "bisa la'akari da". Duk inda ka ga ɗaya daga cikinsu, galibi wurin saka aya ne a fara sabuwar jimla. Sannan ka nemi aikatau da aka ɓoye a cikin suna. "Haɗuwar ma'aurata na iya haifar da samun zuri'a" ba yadda Bahaushe ke magana ba ne, babba ko yaro. "Idan AS ya auri AS suka haihu" ita ce maganar. Amma kada ka wuce gona da iri ka mayar da kowace jimla kalma huɗu-huɗu kamar littafin 'yan aji ɗaya na firamare. "Jini yana da kyau. Jini yana da iri-iri. Ka san naka?" Wannan ma raini ne, kuma ya fi na farko ciwo. Ka gauraya, wata doguwa, wata gajeriya, yadda za ka yi wa ƙaninka mai hankali bayani a zaure.

Sai kalmomin fanni. Ƙa'idata ita ce: duk kalmar da mai karatu zai sake haɗuwa da ita a wajen takardata, ina barin ta, in yi bayaninta sau ɗaya, in ci gaba da amfani da ita ba tare da na sake neman afuwa ba. AA da AS da SS su ne zai gani a rubuce a takardar sakamako, kuma su ne ke cikin darasinsu na bayoloji. Idan na sauya su da "jini mai kyau" da "jini mara kyau", na hana shi karanta sakamakon kansa, kuma na zagi duk mai AS da SS a ajin. Kalmar da ba zai sake gani ba kuwa, kamar "nau'in ƙwayar halittar jini", sai in bar ta ta tafi, in ce "jinotayif", wadda ita ce ma'aikatan asibiti ke faɗa masa.

Kashi 25 ɗin nan ya fi komai cin lokacina, kuma ya cancanta. Ko manya suna fahimtar sa a karkace: suna zaton idan aka haifi 'ya'ya huɗu, ɗaya ne zai zo da SS, sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, ba ruwansa da wanda ya gabace shi. Ana iya haifar huɗu duka ba SS, ana iya samun biyu ko uku a jere. Marubucin asali ya rataya wannan duka a kan kalmomi huɗu, "a kowane juna biyu", ya wuce. Ni sai na ba shi sakin layi guda da misalin da za a iya gwadawa a aji: duwatsu huɗu a cikin jaka, ɗaya an rubuta masa AA, biyu AS, ɗaya SS. Ka zura hannu ka ɗauki ɗaya, ka duba, ka mayar da shi, ka girgiza, ka sake ɗauka. Mayarwar ita ce darasin. Ka lura ban sauƙaƙa lissafin ba, ban rage masa komai ba. Hasali ma ɗalibin da ya karanta wannan ya fi wanda ya karanta takardar asibiti fahimtar maganar.

Wajen zaɓen misali, ka ɗauko abin da yake gaskiya ya yi daidai da maganar, ba abin da kake zaton "matasa suna so" ba. Na ga rubuce-rubucen da duk abin da za su bayyana sai sun jawo ƙwallon ƙafa ko cajin waya, ko ya dace ko bai dace ba. Idan misalin bai ƙara fahimta ba, kwalliya ce kawai, kuma mai karatu zai gane cewa lallashin sa ake yi.

Mataki na biyar: da wane baki za ka kira su

Hausa tana tilasta maka zaɓin da ba ka iya kauce masa: kai, ke, ko ku. Idan ka ce "ka san jininka", ka fitar da 'yan mata daga maganar. Idan ka cika takarda da "ka/ki" da "jininka/ki", ta zama fom ɗin ofis, ba ta karantuwa da baki. Idan ka fake a bayan "a yi" da "ana shawartar", ka koma muryar hukuma. Ga takardar da maza da mata za su karanta tare, "ku" ta fi, kuma tana da wata riba: ita ce kalmar da muke girmama mutum da ita. Idan kuwa makarantar mata ce zalla, "ke" tana da kusanci mai daɗi, ka yi amfani da ita.

Sannan ka bi rubutun ka tsince waɗannan, domin sukan shigo ba da saninka ba, musamman idan kai malami ne ko mahaifi: "Ya ku yara", "'ya'yana", "yara manyan gobe", "kun ji ko?", "ku zama yaran kirki", "kamar yadda kuka sani". Ta ƙarshen tana da wayo: idan sun sani, me ya sa kake faɗa, idan ba su sani ba, ka kunyata su. A baki, uwa ta ce wa ɗanta "ka ji ko" ƙauna ce. A rubuce, daga wanda ba su sani ba, jan kunne ne.

Karin magana ma sai an yi hattara. Muna son ta, kuma rubutun Hausa da babu ita yakan yi salam. Amma ka duba irin waɗanda hannu ke kaiwa gare su idan ana magana da matasa: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, yaro bai san wuta ba sai ya taka, yaro man kaza. Dukkansu abu ɗaya suke faɗa, cewa mai karatu bai san komai ba. Ba ka isa ka gaya wa mutum haka sannan ka nemi ya saurare ka ba. Idan za ka saka, ka zaɓi wadda take magana a kan batun, kamar rigakafi ya fi magani, wadda ta hau kan babba da yaro daidai.

Mataki na shida: maganar sara

Da marubuci ya gane cewa muryar wa'azi ba ta aiki, sai ya tsallaka ɗaya gefen. Ga irin abin da yake fitowa:

"Gayu, ya ne? Harkar nan fa ba wasa! Ku je a duba muku jini shaf-shaf kafin ku faɗa lob, in ba haka ba za ku sha mamaki. Ba yawa!"

Ka kwatanta da takardar gaskiya huɗun nan. Babu AS, babu SS, babu kashi 25, babu inda ake gwajin. Sara ta cinye wurin bayani. Wannan kaɗai ya isa a jefar da shi, amma akwai wasu dalilan.

Sara tana tsufa da sauri. Kafin kalma ta iso kunnen malami, masu ita sun fara barin ta, kuma takardar da ka buga za ta yi shekaru manne a bango. Tana kuma da gari: abin da ake yayi a unguwannin Kano ba lallai ɗan Sakkwato ko ɗan Damagaram ya gane shi ba, wanda ya taso a Maraɗi kuma aron da ke bakinsa daga Faransanci yake, ba daga Ingilishi ba. Tana da jinsi ma, domin mafi yawan abin da manya ke ɗauka a matsayin "Hausar matasa" Hausar majalisar samari ce, 'yan mata ba haka suke magana ba. Abin da ya fi duka, sara alama ce ta 'yan gida, ita ke nuna wane ne namu. Idan babba ya ara ya yafa, matashi ba ya jin an matso kusa da shi, ji yake ana kwaikwayon sa. Su da kansu sun san bambancin wuri: yaron da ke zuba sara a cikin abokansa, idan ya tsaya gaban likita Hausa tsantsa yake yi, kuma irin ta yake tsammani daga likitan.

Wannan ba ya nufin ka guji kowace kalmar aro. Ka bambance sara da kalmar da ta riga ta zauna. "Sikila" aro ce, amma ita ce kowa ke faɗa a gida da asibiti, ta fi "amosanin jini" saurin isa kunnen ɗalibi, don haka ita na sa a gaba, na ambaci ɗayar sau ɗaya domin za su ji ta a rediyo. Gwajin da nake yi wa kowace kalma guda biyu ne. Shin ni da kaina zan faɗe ta a gaban mahaifiyata ba tare da na ji wani iri ba? Shin ɗalibi zai gane ta ba tare da ya tsaya ba? Wadda ta haye duka biyun ta zauna. Wuri ɗaya da sara take da hurumi shi ne a bakin mai ita: idan ka kawo tambayar da ɗalibi ya rubuto, ka bar ta yadda ya faɗe ta, kai kuma ka amsa da taka muryar.

Kunya ma tana nan kusa. Batun ya taɓa aure da ciki da haihuwa, kuma takardar za ta je gida, uba zai iya ɗauka ya karanta. Kalmomin da ake faɗa a gaban kowa sun wadatar: aure, ciki, haihuwa, gado. Ba ka bukatar kewaye-kewayen da zai sa a kasa gane me kake nufi, ba ka kuma bukatar barkwancin soyayya don a ce ka waye.

Ga abin da sakin layin ya zama

"Da yawa daga cikinku kun san rukunin jininku, A ko B ko AB ko O. Jinotayif wani abu ne daban, kuma gwajinsa daban. Mutum na iya zama O kuma ya zama AS.

Jinotayif haruffa biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Waɗanda aka fi samu su ne AA da AS da SS, akwai kuma AC da SC. Da shi ake haifar mutum, ba ya canzawa, kuma ba a ɗaukar sa ta abinci ko zama tare. Mai SS yana da cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini. Jajayen ƙwayoyin jininsa sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, abin da ke kawo matsanancin ciwon da kuka ga wasu abokanku suna fama da shi. Ba laifinsu ba ne, ba kuma ragwanci ba ne. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, shi ya sa ba zai san yana ɗauke da S ba sai an gwada.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu, wato kashi 25 cikin ɗari, ya zo da SS. Wannan ba ya nufin ɗa ɗaya a cikin 'ya'ya huɗu. Ku saka duwatsu huɗu a jaka, ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Ku ɗauki ɗaya, ku mayar, ku sake ɗauka. Kowace haihuwa haka take, jakar cike take komawa.

Sanin jinotayif tun yanzu ya fi sauƙi a kan sanin sa bayan magana ta yi nisa tsakanin gidaje biyu. Ku tambayi iyayenku ko an taɓa yi muku gwajin. Idan ba a yi ba, ku nemi a yi a asibiti ko ɗakin gwajin da aka amince da shi, ku kuma adana takardar sakamakon."

Ka ga ya ninka na asali fiye da sau biyu. Gaskiya huɗun suna nan, an ƙara amsar tambayoyi ukun da suka rubuto. Babu "yara", babu "gayu". Kuma idan ka miƙa wa magidanci ɗan shekara arba'in, ba zai ji an raina shi ba. Wannan gwaji ne mai kyau da za ka riƙa yi: rubutun matasa da babba zai ji kunyar a gan shi yana karantawa, akwai raini a cikinsa.

Mataki na bakwai: kai shi gaban masu shi

Kada ka tambaye su "ya yi kyau?" Tarbiyyarmu ba ta barin ɗalibi ya ce wa malaminsa rubutunsa bai yi ba. "Ya yi, Malam" za ka ji, ka tafi da kuskurenka. Nemi mutum biyar ko shida, maza da mata, kada su zama duka 'yan gaban aji. Ba wa ɗaya ya karanta da ƙarfi, kai kuma ka riƙe kwafinka kana sa alama a duk inda ya yi tuntuɓe, ko ya canza kalma da kansa, ko wani ya murmusa a inda ba abin dariya. Tuntuɓe yana nuna jimla ta yi nauyi. Kalmar da ya canza galibi ta fi taka, ka karɓa. Murmushi kuwa yana nuna ko dai ka yi wa'azi ko ka ari bakin da ba naka ba.

Bayan nan ka karɓe takardar ka yi tambayar da sai wanda ya fahimta zai amsa. Tawa ita ce: AS da AS sun haifi ɗan fari SS, me za a ce game da ciki na biyu? Wanda ya ce "ya tsira" bai gane jakar ba, kuma laifin rubutun ne, sai a koma a gyara. Idan kana son jin ra'ayinsu na gaskiya game da murya, ba su biro ka ce kowa ya ja layi a ƙarƙashin jimlar da ya ji kamar ana yi masa faɗa, ba suna, sannan ka fita daga ɗakin.

A nawa gwajin, layi ɗaya aka ja wa biro har sau uku. A sigar farko na rufe da cewa "ku yi tunani tun kafin ku yi nadama". Ni a ganina shawara ce, su kuma sun ji ta a matsayin zargi kan laifin da ba su yi ba. Na goge ta, na bar takardar ta ƙare a kan adana sakamako. Kafin a buga kuma na kai wa wata ma'aikaciyar jinya ta duba, domin duk wanda ya sake rubuta bayanin lafiya ko na doka yana iya karkatar da ma'ana ba da niyya ba. Ita ce ta sa na ƙara layi ɗaya a ƙasa: wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ya gaya wa mai gwajin, saboda jinin da aka ƙara masa yana iya rikita sakamakon.